2G, 3G, 4G Ko 5G: Wanne Ya Kamata Ka Ɗora Wayarka A Kai Idan Sabis Ya Yi Rauni?

Mutane biyu za su sayi waya iri ɗaya a rana ɗaya, su cika ta da caji da asuba. Na farko ya kai magariba da saura, na biyu kuwa kafin la'asar yana neman wurin mai caji. Abin da aka saba cewa shi ne an haɗa na biyun da batir maras kyau. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau, wurin zaman mai wayar ne ya bambanta. Ɗaya yana wuni a inda sabis ke da ƙarfi, ɗayan kuma a cikin lungun kasuwa ko a ƙauyen da turken sabis ya yi masa nisa, inda wayar ke wuni tana fafutukar riƙe layi.

A cikin kowace babbar waya akwai wurin da ake zaɓar irin netiwok ɗin da za ta hau. Yawancinmu yadda aka sayo ta haka muke barinta, wato ta zaɓa da kanta, kuma a mafi yawan wurare hakan ya wadatar. Sai dai a inda sabis ke da rauni, zaɓin wayar yakan zama shi ne matsalar. Ba girman lambar da ke gaban G ne kaɗai ke shan batir ba. Raunin sabis da yawan tsalle daga wannan netiwok zuwa wancan su ne manyan masu laifi, kuma maganinsu shi ne a ɗora wayar a kan wanda ya fi tsayuwa a inda ake zaune.

Abin da harafin saman waya ke faɗa

A kusa da sandunan sabis akwai ɗan harafi da ke sauyawa. Idan ka ga G ko E, wayar tana kan 2G, irin sabis ɗin da ya shigo Najeriya a shekarar 2001. An gina shi ne don kira da gajeren saƙo, data kuwa daga baya aka liƙa masa, shi ya sa hoto ɗaya kan daɗe yana juyawa kafin ya buɗe. Idan ka ga 3G ko H ko H+, duk 3G ne. Alamar 4G, LTE ko 4G+ ita ce ta huɗu, wadda aka gina musamman don data. Sai 5G, wadda MTN ta fara buɗewa a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, kuma har yanzu a sassan manyan birane aka fi samunta.

An tsara wayar ta fi son sabon a kan tsohon. Muddin tana jin 4G, ko da a can nesa ne, za ta yi ƙoƙarin maƙalewa a kai. Sai ya kusa yankewa take saukowa 3G ko 2G, kuma da zarar ta sake jin ƙamshin 4G sai ta koma. A tsakiyar gari wannan tsari bai da aibu. A bakin iyakar sabis kuwa, shi ke sa ka ga harafin yana sauyawa sau da dama cikin 'yan mintoci, saƙo ya tsaya a hanya, bayan wayar ya ɗauki ɗumi alhali ba ka yin komai da ita.

Dalilin da raunin sabis ke cinye caji

Waya ba sauraro kawai take yi ba, ita ma tana mayar wa turken sabis magana. Idan wanda kake magana da shi yana gefenka, raɗa ta isa. Idan yana tsallaken titi kuwa sai ka ɗaga murya, kuma ka maimaita abin da bai ji ba. Haka waya take yi. Turken ne ke umartar ta da ta ƙara ƙarfin aikawa ko ta rage, gwargwadon yadda yake jin ta. Kusa da turke takan yi aiki da ɗan ƙanƙanin ƙarfi. A nesa kuwa, ko a bayan bango mai kauri da rufin kwano, sai ta kai ƙarshen iyawarta, kuma duk ɗan guntun bayanin da ya lalace a hanya dole ta sake tura shi.

Na biyu shi ne nema. Duk lokacin da sabis ya ɓace, wayar takan bi mitoci ɗaya bayan ɗaya tana laluben turke, ta yi rajista da wanda ta samu, ta sake haɗa data, sannan manhajojin da ke jira su taso gaba ɗaya. Wayar da aka bar wa ƙofa huɗu tana da wuraren lalube fiye da wadda aka ce ta tsaya a ɗaya ko biyu.

Na uku shi ne tsawon lokacin aiki, kuma a nan ne masu cewa 2G ba ta shan caji suke kuskure. Gaskiya ne idan waya tana ajiye ba a taɓa data, 2G kan yi tattalin batir. Amma ka ɗauki bidiyo mai nauyin megabait 20. A kan E, inda gudun yakan tsaya wajen kilobit 100 a daƙiƙa, zai ɗauki kusan minti 27 kafin ya sauka, kuma duk tsawon lokacin injin sadarwar wayar yana aiki, allon ma wataƙila a kunne kana jira. A kan 4G mai matsakaicin gudu, a ce megabit 5 a daƙiƙa, rabin minti da 'yan daƙiƙu ya isa, wayar ta koma hutu. Saboda haka ga mai amfani da data, 4G mai ƙarfi ta fi 2G da 3G sauƙin caji. Mai rauni ce ke da matsala.

Ita kuwa 5G tana da nata dalili na daban. Yawancin kamfanonin duniya sun fara ta ne a jingine da 4G, wato wayar tana riƙe da 4G don tafiyar da haɗin, sannan ta ƙara 5G a kai don gudu. Hanya biyu ke nan a buɗe lokaci guda. Idan aikinka bai wuce WhatsApp da karanta labarai ba, kana biyan caji ne a kan gudun da ba ka buƙata.

Mita ce ke ratsa bango, ba sunan netiwok ba

Ana yawan cewa 2G ta fi kaiwa nesa. A wurare da yawa haka ne, amma ba don tsufanta ba. Sirrin yana cikin mitar da ake watsa ta. Ƙaramar mita ta fi tafiya nesa, ta fi kuma ratsa bango da itatuwa. Babbar mita tana ɗaukar kaya da yawa amma ba ta jure tafiya. A Najeriya 2G na kan megahaz 900 da 1800. An fara 3G a kan 2100. Ita 5G da aka yi gwanjonta a Disambar 2021 tana kan 3500, shi ya sa za ka same ta a bakin titi, ka shiga ɗaki ta ɓace.

4G ce ke da fuska biyu. Akwai ta a kan 1800 da 2600, akwai ta kuma a kan 700 da 800, waɗanda suka fi na 2G ɗin ma ƙanƙanta. Inda kamfani ya kafa 4G a kan ƙaramar mita, za ta iya shiga ɗakin da 3G ba ta shiga. Amma sai in wayarka tana kama wannan mitar. A jikin kwalin waya ko takardar bayaninta ana rubuta su da lamba: B3 ita ce 1800, B7 ita ce 2600, B20 ita ce 800, B28 kuma 700. Wasu wayoyin da aka ƙera don wata ƙasa aka shigo da su na hannu ba su da B20 ko B28. Wannan ne ke sa mutum biyu masu layi iri ɗaya su zauna a tabarma ɗaya, wannan yana kallon bidiyo, wancan yana fama da E. Don haka babu netiwok ɗin da za a ce shi ne mafi kyau a ko'ina. Sai an gwada.

Yadda ake aunawa

Sandunan da ke saman allo ba ma'auni ba ne na gaske, domin kowane kamfanin waya da yadda yake lissafa su. Ainihin lambar tana ciki. A yawancin wayoyin Android za ka shiga Settings, ka je About phone, sai Status ko SIM status, ka duba Signal strength. A iPhone ana danna wannan lamba kamar za a yi kira:

```
*3001#12345#*
```

Za ka ga lamba mai alamar ragi a gabanta, da dBm a bayanta. Duk yadda lambar ta yi ƙanƙanta, sabis ɗin ya fi ƙarfi, wato -85 ya fi -105 nesa ba kusa ba. Bambancin 10 a wannan ma'auni ninki goma ne na ƙarfi, bambancin 20 kuma ninki ɗari. A kan 4G, daga -80 zuwa -90 sabis ne mai kyau. Daga nan zuwa -105 ana aiki lafiya. Idan ta wuce -110 an shiga rauni, a wajen -120 kuwa saura ƙiris ya yanke. Sai dai a kula, yadda ake auna 2G da 3G ya bambanta da na 4G, don haka kada ka ɗora lambar wannan a kan ta wancan ka yanke hukunci. Lambar tana da amfani ne wajen kwatanta wuri da wuri a kan netiwok guda. Tsakanin netiwok biyu kuwa, aikin da suka yi maka shi ne alƙali.

Wurin sauyawar ba shi da wuyar samu. A wayoyin Tecno, Infinix, itel da makamantansu, yana cikin Settings, a sashen layukan waya, da sunan Preferred network type. A Samsung ana bin Connections, sai Mobile networks, sai Network mode. A iPhone ana shiga Cellular ko Mobile Data, sai zaɓuɓɓukan data, sai Voice & Data, inda masu 5G za su ga 5G On da 5G Auto da LTE ko 4G. Sunayen kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya. A wasu za ka ga GSM a madadin 2G, WCDMA a madadin 3G, NR a madadin 5G.

Misalin mai shago a cikin kasuwa

Mu ƙaddara wani mai sayar da atamfa da shagonsa ke can cikin layi, a ƙasan bene, ga rumfar kwano ta rufe hanyar. Aikinsa da waya uku ne: kiran abokan ciniki, tura hotunan kaya ta WhatsApp, da duba ko kuɗin da aka turo sun shigo. Wayarsa mai layi biyu ce, kuma kullum kafin azahar ta sha fiye da rabin cajinta.

Matakin farko shi ne ya bar wayar yadda take, ya zauna a inda ya saba zama, ya sa ido a kan harafin na ɗan lokaci. A ce ya ga yana yawo tsakanin 4G da H+ da E. Ya duba lamba lokacin da take kan 4G, ya ga -116. Ya fito bakin layi ya sake dubawa, ya ga -96. Wannan ya nuna masa abu biyu. Turken ba shi da nisa, gini ne ya tare. Kuma ƙarfin da ke isa kujerarsa kashi ɗaya ne cikin ɗari na wanda ke bakin layi.

Mataki na biyu, ya sauya zuwa zaɓin da ya tsaya a 3G da 2G, ya koma kujerarsa. Idan H+ ta zauna daram ba ta motsi, sai ya gwada ayyukansa uku: ya kira wani ya ji ko murya na fita tas, ya tura hoto ya ga tsawon lokacin da ya ɗauka, ya buɗe manhajar banki. In duk sun yi, ya samu mafita. Gudun ba zai kai na 4G mai kyau ba, amma ya fi 4G da ke zuwa tana tafiya.

Mataki na uku shi ne gwajin batir, kuma dole a yi shi da adalci. Ya rubuta kason cajin da ƙarfe tara na safe da kuma ƙarfe ɗaya na rana, yau a kan tsohon zaɓi, gobe a kan sabon, hasken allo iri ɗaya, aiki kusan iri ɗaya. Idan jiya ta sha kashi 45 cikin ɗari, yau ta sha 30, babu sauran gardama. Idan kuwa bambancin bai wuce kashi biyu ko uku ba, to ba netiwok ne ke shan cajin ba. Sai ya duba sashen Battery ya ga manhajar da ta fi ci, ko ya kai a duba batirin kansa.

Akwai abin da ake yawan mantawa, wato layi na biyu. Idan layin da ba ya amfani da shi ba ya kama sabis a shagon, wayar tana wuni tana nema masa turke. Kashe wannan layin daga cikin Settings a lokacin aiki kan rage shan caji.

Sakamakon zai iya fitowa akasin haka. Wataƙila ya tarar 3G ɗin ta fi 4G rauni a wurin, ko da safe tana aiki, da rana ta tsaya. Halin 3G ne cewa idan jama'a suka yi yawa a kan turke, faɗin wurin da yake kaiwa yakan tsuke, na gefe su fara faɗuwa. A irin wannan hali ya bar wayar a kan 4G, ya ajiye ta a kan kanta ta bakin ƙofa maimakon cikin aljihun tebur na ƙarfe. Taku uku zuwa ƙofa kan sauya lambar fiye da yadda ake zato.

Tarkon ƙulle waya a kan 4G kaɗai

Masu gyaran waya da matasa masu son gudu sukan nuna wa mutane wata ɓoyayyiyar ƙofa a wasu wayoyin Android:

```
*#*#4636#*#*
```

A ciki akwai jerin zaɓuɓɓuka, har da LTE only. Yana da amfani ga wanda ya ware waya ko layi don data kawai, domin yana hana ta faɗawa E. Amma ga wayar kira, haɗari ne. Ita 4G ba a gina ta da hanyar kira irin ta da ba. Idan layinka da wayarka ba sa amfani da tsarin da ake kira VoLTE, duk lokacin da kira ya shigo sai wayar ta sauko 3G ko 2G ta amsa, in an gama ta koma. Ka lura da harafin lokacin da kake waya, za ka ga 4G ta koma H ko E. To idan ka ƙulle ta a LTE only, ka toshe mata hanyar saukowa. Data za ta yi aiki, sanduna a cike, amma mai kiranka ba zai same ka ba, kai ma kiranka ba zai fita ba. Lambobin da ake dannawa masu farawa da tauraro, irin su *310# na duba kuɗin waya ko na tura kuɗi ta banki, su ma sukan ƙi tafiya.

Gane wannan ba wuya. Bayan kowane sauyi, ka kira wani, ka sa ya kira ka, sannan ka danna lambar duba kuɗi. In ɗaya ya ƙi, ka mayar da ita yadda take. Kafin ka taɓa komai a wannan ɓoyayyen wuri, ka rubuta zaɓin da ka tarar, kuma kada ka taɓa sauran abubuwan da ba ka san aikinsu ba.

Inda sauyin ba zai yi magani ba

Idan sanduna a cike suke, lambar ma tana da kyau, amma data ba ta motsi, musamman bayan magariba ko a wurin taro, wannan cunkoso ne, ba rauni ba. Wani lokacin saukowa 3G kan taimaka saboda jama'a sun taru a kan 4G, wani lokacin kuma babu abin da zai sauya sai mutane sun ragu. Idan sabis ya ɗauke wa duk unguwa lokaci guda, turken ne ya tsaya, ko wuta ko man janareta ko wayar da ke ciyar da shi, kuma babu saitin da zai tashe shi.

A hanyar da ka san babu sabis sam na tsawon sa'o'i, ko a gonar da ba ta kamawa, mafi tattali shi ne Airplane mode, sai ka riƙa buɗewa lokaci zuwa lokaci. Wayar da ke neman abin da babu ta fi kowace shan caji. Idan kuma akwai 2G kaɗai kuma kira kawai kake jira, ka ɗora ta a kan 2G, ka kashe data. A mota kan doguwar hanya mai sabis kuwa, ka bar ta ta zaɓa da kanta, domin abin da ke akwai yana sauyawa daga gari zuwa gari.

Matafiyi ya tuna cewa ƙasashe da dama sun fara rufe tsofaffin netiwok. Singafo ta kashe 2G tun 2017, manyan kamfanonin Amurka sun kashe 3G a 2022. Wayar da aka ƙulle a kan tsohon netiwok za ta sauka a irin waɗannan wurare ta ƙi kama komai, mai ita ya ɗora wa layin laifi. Haka kuma tsaron 2G ya fi na sababbin rauni, har sababbin Android suna da maɓallin hana ta gaba ɗaya. Don haka zama a kanta ya kasance na lalura, ba na dindindin ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, zaɓin na wuri ne, ba na waya ba. Inda 4G ke da ƙarfi, ka bar ta a kai, in kuma kana da 5G da ba ka buƙatar gudunta, ka sauko 4G ka tsira da cajinka. Inda harafi ke tsalle, ka gwada na ƙasa da shi na kwana ɗaya ka auna. Inda kira kawai ake buƙata kuma caji ya yi ƙasa, 2G da data a kashe. Duk wanda ka zaɓa, ka tabbatar kira na shiga yana fita, kuma idan ka bar wurin ka mayar da wayar kan zaɓin da take yi da kanta. Kafin ka kashe kuɗi a kan sabon batir ko sabuwar waya, ka fara yin wannan gwaji na kwana biyu, domin ba ya cin ko kwabo.